Hazon da ke tsakiyar tabo: yadda na sa lamda ta kwanta a cikin bakteriya, sannan na tashe ta

A safiyar da na ciro farantaina na farko daga inkubeta, na ɗauka aikin ya yi kyau, domin kowane faranti ya shimfiɗu da bakteriya sumul, ga kuma ƙananan tabo zagayayyu birjik a kansa inda bairos ya cinye su. Malamar da ke kula da aikina ta ɗaga farantin bairos ɗin da ake kira lamda ta haska shi da fitila, ta juya shi sau biyu, sannan ta tambaye ni a zafi nawa na kwantar da shi. Na ce digiri 37, kamar yadda ake yi wa E. coli kullum. Sai ta ce, "To ai ka hana ta abin da ka zo kallo. Dubi tabon, garau suke duka." Ban fahimci nauyin maganar ba sai da na sake aikin, kuma kusan duk abin da na koya game da bambancin tafarkai biyun da bakteriyofej ke bi ya fito ne daga wannan kuskuren.

Bakteriyofej, ko fej a taƙaice, bairos ne da ke kama bakteriya kaɗai. Frederick Twort ya ba da rahotonsa a 1915, Félix d'Hérelle kuma a 1917, shi ne ma ya raɗa masa sunan da ke nufin mai cin bakteriya. Aikin da aka ba ni shi ne in kwatanta biyu daga cikinsu a kan bakteriya iri ɗaya, wato E. coli K-12 wadda ba ta ɗauke da lamda a jikinta. Na farko shi ne T4, wanda hanya ɗaya kawai ya sani: ya shiga, ya hayayyafa, ya fasa ƙwayar ya fito, abin da ake kira tafarkin laitik. Na biyu ita ce lamda, wadda Esther Lederberg ta gano a cikin K-12 a farkon shekarun 1950. Ita tana iya bin wancan tafarkin na fasawa, tana kuma iya cusa DNA ɗinta cikin kuromosom na bakteriya ta lafe, a riƙa kwafarta tare da shi zuriya bayan zuriya, wanda shi ne tafarkin laisojenik. DNA ɗin da ya lafe ana ce masa furofej, bakteriyar da ke ɗauke da shi kuma laisojen.

Shirin ya fara ne tun daren jajibiri, da renon bakteriyar da za a shimfiɗa. An sa ni in ƙara mata sukarin maltos kashi 0.2 cikin ɗari, in kuma guji gulukos, kuma dalilin yana da alaƙa da matakin farko na rayuwar fej. Lamda ba ta manne wa bakteriya haka kawai. Wutsiyarta tana neman wani furotin a bangon waje mai suna LamB, wanda asalin aikinsa shigo da maltos ne. Idan akwai maltos bakteriya tana yawaita shi, idan kuwa gulukos ta samu sai ta rage shi, ƙofar ta yi wa lamda ƙaranci. Haka nan ana zuba gishirin magniziyam domin ya taimaka wa fej ta tsaya da ƙarfinta ta kuma manne. T4 bai damu da maltos ba, domin zaruruwan wutsiyarsa wani wurin suke kamawa a bangon.

Washegari na tsarma kowace fej mataki-mataki, kashi ɗaya cikin goma a kowane bututu, na haɗa mililita 0.1 na kowane tsarmi da ɗan bakteriya, na bar su kamar minti 15 domin su manne. Daga nan sai in zuba haɗin cikin narkakkiyar aga mai laushi, wato abincin bakteriya da ke daskarewa idan ya huce, kimanin mililita 3, wadda aka ajiye a wajen digiri 45 zuwa 48, in juye ta da sauri a kan farantin aga mai tauri kafin ta daskare. Wannan wurin yana son hannu mai hanzari, domin idan agar ta yi zafi da yawa ta kashe bakteriyar, idan kuma aka yi jinkiri ta yi gudaji, washegari a kasa bambance tabo da ƙullutu. Kowace fej guda da ta faɗa a wani wuri za ta kama ƙwaya ɗaya, 'ya'yanta su kama na kewaye, a haka har a sami zagayen da ido ke iya gani.

Abin da T4 ke yi a cikin wannan zagayen ba shi da sassauci. Da zarar ya kafa ƙafafunsa, kuben wutsiyarsa yakan tsuke, ya tura bututu ya huda bango, DNA ya wuce ciki, kwanson kuma ya rage a waje. Cikin 'yan mintuna ƙwayoyin gadonsa na farko sukan karɓe injin da bakteriya ke sarrafa furotin da shi, su kuma daddatse kuromosom ɗinta, a yi amfani da gutsattsarin wajen gina sabon DNA na fej. Nasa DNA ɗin yana tsira ne saboda ya sauya ɗaya daga cikin haruffansa huɗu ya lulluɓe shi da sukari, ta yadda enzayim ɗin da ke yanka na bakteriya ba ya taɓa shi. Daga baya a ƙera kawuna da wutsiyoyi daban-daban, a cika kai da DNA, a haɗa, sannan enzayim ya narkar da bango daga ciki. A digiri 37 duk wannan bai cika wuce minti 25 zuwa 30 ba, kuma ƙwaya ɗaya tana sakin fej ɗari ko fiye. Abin lura a nan shi ne, wanda ya rusa kuromosom ɗin mai masaukinsa tun a mintunan farko ba shi da wurin lafewa ko da yana so, saboda haka T4 ba ya da wani zaɓi. Tabonsa ƙanana ne, tsakiyarsu garau, gefensu da ɗan dishi-dishi. Wannan dishin gefen yana ruɗin sabon shiga, amma ba laisojen ba ne. Ƙwayoyi ne da suka riga suka kamu, fashewarsu ce kawai ta jinkirta saboda wasu T4 sun sake afka musu.

Lamdar da aka ba ni kuwa tana ɗauke da wani sauyi da ake rubutawa cI857. Ƙwayar gado ta cI ita ke samar da furotin ɗin da ke danne sauran ƙwayoyin gadon lamda ya hana su motsi, kuma a wannan nau'in furotin ɗin yana aiki lafiya a digiri 30, amma yana lalacewa idan zafi ya hau. Ke nan da na kwantar da farantin a digiri 37, na raunana mai gadin, lamda ta koma tamkar T4 wajen ɗabi'a, tabon suka fito garau. Na sake zuba sababbin farantai, na raba su biyu, rabi a digiri 30, rabi a 42.

Da safe bambancin bai buƙaci madubin ƙara girma ba. Na digiri 42 tabonsu kamar an huda takarda. Na digiri 30 kuwa kowane tabo yana da wani siririn hazo a tsakiya, kamar numfashi a jikin gilashi, idan aka karkata farantin ga haske sai a ga hazon bakteriya ne masu rai suna tsirowa a daidai wurin da fej ta fi yawa. Wannan shi ya fi ɗaure mini kai da farko, domin hankali zai ce inda maƙiyi ya fi yawa nan ne ya kamata a fi mutuwa.

Bayanin yana cikin abin da ke faruwa a mintuna goma zuwa goma sha biyar na farko bayan lamda ta shiga. DNA ɗinta, mai haruffa 48,502, yana shiga ne a miƙe, amma bakinsa biyu suna da haruffa 12 da suka dace da juna, sai su haɗu ya zama zobe. Daga nan ake fara karanta ƙwayoyin gado na farko, waɗanda dukkan tafarkan biyu ke buƙata, kuma a cikinsu akwai wani furotin mai suna CII wanda makomar ƙwayar ta rataya a kansa. Bakteriya tana da enzayim mai suna FtsH da ke cinye CII da sauri. Idan fej ɗaya ce ta shiga ƙwaya mai ƙoshi da ke girma da kyau, CII ba ya taruwa, furotin Cro ya toshe hanyar yin CI, sai a zarce zuwa kwafar DNA da ƙera kawuna da wutsiyoyi, a fasa ƙwayar bayan kamar minti 45 zuwa 50. Idan kuwa fej da yawa suka shiga ƙwaya ɗaya a lokaci guda, ko kuma ƙwayar tana cikin yunwa, CII yakan taru ya fi ƙarfin mai cin sa, tare da taimakon CIII da ke shagaltar da FtsH. A lokacin sai CII ya kunna abubuwa biyu: yin CI da yawa, da yin enzayim Int, wanda ke yanka zoben ya ɗinka shi cikin kuromosom a wani keɓaɓɓen wuri tsakanin ƙwayoyin gado na gal da bio. Tsakiyar tabo ita ce inda fej suka fi bakteriya yawa nesa ba kusa ba, saboda haka can ne aka fi samun masu lafewa. Ni a ganina wannan dabara ce mai ma'ana ga fej, domin yawan 'yan'uwanta a cikin ƙwaya ɗaya alama ce cewa bakteriyar da ta rage a waje ta yi kaɗan, kuma fitowa a irin wannan lokaci asara ce.

Waɗanda suka zama laisojen suna rayuwa a cikin tafkin fej ne saboda CI ɗin da furofej ke samarwa ba furofej kaɗai yake dannewa ba. Duk wata sabuwar lamda da ta shigo, DNA ɗinta yana tarar da CI yana jira, a danne shi nan take. Wannan ita ce garkuwar laisojen, kuma tana aiki ne a kan lamda da danginta masu irin makullinta kawai. T4 na asali yana cinye laisojen ɗin lamda kamar yadda yake cinye kowace E. coli.

Mataki na gaba shi ne ciro su. Na taɓa tsakiyar wani tabo mai hazo da bakin tsinke mai tsabta, na ja shi a kan sabon faranti yadda ƙwayoyin za su rarrabu su tsiro ɗaiɗai, na kwantar a digiri 30. Na zaɓi tsiro takwas, na sake jan kowanne a nasa farantin. Wannan maimaicin yana da gajiyarwa, na kuma so in tsallake shi, amma tsinken yana kwaso miliyoyin fej da ke yawo tare da bakteriyar, kuma idan ba a rabu da su ba, duk fej ɗin da aka gani daga baya ba za a san ko daga cikin kuromosom ta fito ko rakiya ta yi ba.

A nan ne na kusa yin kuskure na biyu. Na ga tsiro takwas sun fito daga inda fej ta yi ɓarna, sai na rubuta a littafina cewa na sami laisojen takwas. Malama ta karanta ta ce, "Tsira ba shaida ba ce. Wanda ya rufe ƙofa ma ya tsira." Nufinta shi ne, a cikin kowane taron bakteriya akwai 'yan tsirarun da suka rasa LamB ta hanyar sauyin gado, lamda ba ta iya manne musu sam, kuma a ido ba su da bambanci da laisojen. Akwai kuma waɗanda sa'a ce kawai ta sa fej ba ta riske su ba.

Hanyar rarrabe su ta burge ni saboda sauƙinta. A kan faranti ɗaya na ja layi biyu a tsaye, kowanne da ruwan fej mai kauri, na bari suka bushe. Layi na farko na lamda ce da ba ta iya yin CI nata, saboda haka kullum fasawa take yi, amma tana jin CI na wani idan ta tarar da shi. Layi na biyu na lamda ce da ake kira vir, wadda wuraren da CI ke kamawa a DNA ɗinta suka sauya, ta yadda ko ta tarar da shi ba ya riƙe ta. Sai na ja kowane tsiro a kwance ya ratsa layukan, tare da uwar bakteriyar da ba ta taɓa haɗuwa da fej ba domin gwadawa, na kwantar a digiri 30. Uwar ta yanke a dukkan layukan biyu, kamar yadda ya kamata. Tsiro biyu sun yi irin nata, ke nan ba su ɗauke da komai. Guda ɗaya ya ratsa layukan biyu bai ko girgiza ba, wanda ya nuna cewa ƙofa ce ba shi da ita, tunda vir ma sai ta LamB take shiga. Sauran biyar ɗin sun wuce layi na farko lafiya, suka mutu a kan vir, kuma wannan ne sawun laisojen: fej tana shiga, amma akwai mai danne ta a ciki. Na tabbatar da haka ta hanyar ɗiga kowanne a farantai biyu, ɗaya a digiri 30, ɗaya a 42. Biyar ɗin nan sun tsiro a 30, a 42 kuwa kusan babu komai sai ɗaiɗaikun ɗigo, alhali sauran ukun sun tsiro a duka biyun.

Tashin furofej shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa, domin a gaban idona ya faru. Na reni ɗaya daga cikin biyar ɗin a ruwan abinci, wannan karon ba tare da maltos ba, domin kada fej ɗin da za su fito su manne wa tarkacen bango su salwanta. Na bar shi yana kaɗawa a digiri 30 har na'urar auna gurɓata ta nuna kimanin 0.4 a ma'aunin kaurin ruwa na OD600, wanda na ƙiyasta da ƙwaya miliyan 200 a kowace mililita. Na raba shi kwalba biyu. Ɗaya ta ci gaba da zama a 30, ɗayar na tsoma ta a ruwan zafi mai digiri 42 na minti 15 ina kaɗawa, sannan na mayar da ita 37. Abin da ke gudana a ciki shi ne, CI ya lalace, danniya ta ɗage, an yi Int tare da wani furotin mai suna Xis, su biyun suka yanko furofej daga kuromosom ya koma zobe, daga nan kuma sai tafarkin fasawa kamar yanzu ta shigo daga waje.

Na rabin sa'a na farko babu abin da ya nuna an yi wani abu. Ruwan ma ƙara kauri ya yi, har na fara zargin zafin bai ratsa kwalbar ba. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin suna ci gaba da ƙara jiki yayin da fej ke taruwa a cikinsu, enzayim ɗin da zai narkar da bango yana nan a tare amma ba shi da hanyar isa gare shi, sai furotin S, wanda ke taruwa a fatar ciki, ya kai lokacinsa ya huda ta gaba ɗaya. Wajen sa'a guda da fara zafin sai kumfa ta ƙaru, ruwan ya fara washewa, cikin kamar minti goma na iya hango yatsuna ta bayan kwalbar, ga wasu fararen zaruruwa na tarkace suna yawo a ciki. Kwalbar da ke digiri 30 kuwa sai ƙara duhu take yi. Na ɗiga kulorofom kaɗan domin ya ƙarasa ƙwayoyin da suka rage, tunda ba ya cutar da lamda, na juya a injin tacewa, na ɗebi ruwan sama.

Lissafin da ya biyo baya shi ya mayar da abin da na gani adadi. Na tsarma ruwan har sau miliyan goma, na zuba mililita 0.1 a kan uwar bakteriya, washegari na ƙirga tabo 120.

```
120 ÷ (0.1 × 10^-7) = 1.2 × 10^10
```

Wato fej biliyan 12 a kowace mililita. Idan aka raba da ƙwaya miliyan 200 da na fara da su, kowace ƙwaya ta saki kimanin 60. Adadin ya ɗan gaza ɗarin da aka saba ambata wa lamda, kuma ban yi mamaki ba, domin ƙiyasin yawan ƙwayoyi daga gurɓatar ruwa ba daidai yake cif ba, sannan wasu fej sukan bi tarkace su tafi ƙasa. Wani abin da ban zata ba shi ne, ruwan kwalbar digiri 30 ma ya ba da tabo, ko da yake sai a tsarmi mai kauri sosai. A kowane taron laisojen ana samun 'yan kaɗan da furofej ɗinsu ke tashi da kansa, sauran kuma garkuwarsu ta kare su daga abin da ya fito, shi ya sa ba a ganin komai da ido.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan gwajin. Zafi dabarar ɗakin bincike ce da ta dogara da cI857. Lamda ta asali ba ta tashi da digiri 42. Abin da ke tashinta shi ne lalacewar DNA na mai masauki, ta hasken UV ko sinadari irin maitomaisin C. A lokacin furotin RecA na bakteriya yakan farka, ya sa CI ya yanka kansa biyu, sai furofej ya fice daga ƙwayar da ke shirin mutuwa. André Lwoff da abokan aikinsa ne suka nuna tashi da hasken UV a 1950, a wata bakteriya mai suna Bacillus megaterium. Saboda haka wanda ya yi amfani da E. coli marar RecA zai iya samun laisojen na gaske, ya zuba maitomaisin, ya jira har dare kwalba ba ta washe ba, ya kuma yanke hukuncin da ba daidai ba. Haka kuma ba kowace fej mai lafewa ke shiga kuromosom ba. P1 tana zama ne a gefe a matsayin zobe mai kwafar kansa.

Kafin in rufe aikin na ɗebi laisojen biyu daga cikin biyar ɗin, na gauraya su da gilisarol, na ajiye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. A jikin kowane bututu na rubuta sunan bakteriyar, da λ cI857, da kwanan wata, a ƙasa kuma da manyan haruffa na ƙara cewa a rene shi a digiri 30 kawai, domin duk wanda ya ciro shi ya saka a inkubetar 37 bisa al'ada zai iya tarar da tarkace da safe.